Yadda ake gane sitikar hologiram ta gaske a hoto kafin a tura kuɗi

Yaran da suke koyon aiki a shagona kusan duk kuskure ɗaya suke yi. Dila ya turo hoton kwalin tona, wato garin tawadar firinta, daga Legas, sitika tana walƙiya da ja da kore, sai yaro ya ce, "Oga, orijina ce, ga shi tana ƙyalli." To, takardar naɗe kyautar biki ma tana ƙyalli. Ni ma haka na taɓa tura kuɗin tona uku a kan hoto guda ɗaya, kaya suka iso, na ɗaya bai yi sati biyu ba ya fara zubar da gari a cikin firinta. Tun daga ranar ba na duba hoto ɗaya. Ko huɗu, ko babu ciniki.

Launin da ke jikin hologiram ba fenti ba ne. Wasu ƙananan layuka ne da ido ba ya gani, an matsa su a kan leda mai bayan azurfa, su suke tarwatsa haske zuwa launukan bakan gizo. Launin da zai shiga kyamara ya dogara da inda fitila take, da inda sitika ta fuskanta, da inda waya take. Shi ya sa abin da ake nema shi ne yadda sitikar take canjawa daga hoto zuwa hoto.

Fara da haske. Ka ce wa mai ɗaukar hoton ya kashe filashin waya. Filashi yana manne da kyamara, hasken yana dawowa kai tsaye, sai ka ga farin tabo a tsakiya ko kuma sitikar ta yi duhu. Doguwar fitilar shago da inuwar rumfa su ma ba sa yi, domin haskensu daga ko'ina yake zuwa, launuka su cakuɗe, ta gaske ma ta fito dishi-dishi kamar tsohon gwangwani. Haske guda ake so, ƙarami mai ƙarfi: tocilar wata wayar, a riƙe ta daga sama, ta ɗan karkato kamar rabin hanya tsakanin saman kai da gaban fuska, nisan kamu biyu ko uku. Hasken rana da hantsi ma yana yi, kuma kyauta ne.

Nan ne wurin da kowa yake faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Abu ɗaya kawai ake motsawa. Yaro zai ɗauki hoto na farko a tsaye, na biyu ya sunkuya, mai riƙe tocila shi ma ya gyara tsayuwa, kwalin kuma an juya shi. Launi zai canja mana, amma ba ka san me ya canja shi ba, kuma ledar jabu ma za ta canja a haka. Ni dokata ita ce a jingine waya da wani abu a kan tebur, a ɗora tocila a kan kanta kada kowa ya taɓa ta, kwalin kaɗai za a riƙa karkatawa. A karkata shi hagu a ɗauka, dama a ɗauka, a kwantar da samansa baya a ɗauka, a jawo shi gaba a ɗauka. Karkatar kaɗan ce, kamar kana leƙa agogon hannu. In aka wuce gona da iri hoton cikin sitikar ɓacewa yake yi gaba ɗaya, ka zargi mutum a banza.

In hotunan sun zo, jera su ka duba bibbiyu. Tsakanin na gaba da na baya, a yawancin irin waɗannan sitiku, launi ne yake sauyawa: wurin da ya yi ja ya koma kore ko shuɗi. Tsakanin na hagu da na dama kuwa zurfi ake dubawa. Zaɓi harafi ɗaya a sama da wani zane da ke bayansa, ka ga ko tazarar da ke tsakaninsu ta canja, kamar yadda bishiya take gocewa daga gaban gida in ka matsa gefe. A ta gaske, sassan sitikar ba sa tafiya tare. Wani ɓangare ya kama haske, na kusa da shi ya mutu, a hoto na gaba su yi musaya. A ta jabu, wadda aka buga tambari da tawada a kan ledar ƙyalli, bakan gizon yana sharar fuskar gaba ɗaya kamar an watsa mai a ruwa, tambarin kuma yana nan daram, launi ɗaya, wuri ɗaya, a duk hotuna huɗun.

Ga misalin da na fi sabawa da shi. Sitikar da HP ta daɗe tana sakawa a kwalin tona tana ɗauke da kalmar OK da alamar maki ✓. In ka karkata kwalin gaba da baya, OK da alamar suna tafiya hannun riga, ɗaya nan ɗaya can. In ka karkata hagu da dama, tare suke tafiya. Don haka a hoton gaba da na baya dole tazarar da ke tsakaninsu ta bambanta. Kwanaki wani ya turo min huɗu, shuɗin sitikar ya yi kyau ƙwarai, amma da na ɗora farcena a kan OK na riƙa sauya hoto, ko gezau. Bugawa aka yi. Kamfanoni suna sauya fasalin sitikarsu, saboda haka ajiye kwalin da ka saya a hannun wakili na gaske, ka ɗauke shi hoto a irin wannan hasken, shi ne ma'auninka. Waɗanda suka riski batirin Nokia za su tuna nasa: ɗigo 1, 2, 3, 4 suna bayyana in ka karkata hagu, dama, ƙasa da sama. Dabara ɗaya ce.

Ina ƙara hoto na biyar in kuɗin kayan da yawa. A juya sitikar har ta mayar da hasken tocila cikin kyamara kamar madubi. A wannan kusurwar abin da yake hologiram na gaske yakan dusashe, abin da aka buga da tawada kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Lambar kaya da lambar QR dama tawada ce, ba laifi. Amma in tambarin da ya kamata ya riƙa motsi shi ma ya tsaya tsaf a nan, ka riƙe kuɗinka.

A turo hotunan ta Document a WhatsApp, in ba haka ba manhajar tana matse su, ƙananan rubutu su narke in ka zuƙo. Data kaɗan ce, ba ta kai kuɗin shayi ba. Bidiyon daƙiƙa 10 yana taimakawa, sai dai ni na fi son hotuna don ina iya jera su.

Sai gefen sitikar. Akwai masu ɓare ta gaske daga tsohon kwali su manna a kan tonar da aka sake durawa, kuma wannan za ta ci duk gwajin haske. Zuƙo ka duba ko baki ya ɗaga, ko akwai ƙura a manne, ko shatin gam ya leƙo, ko ta zauna a karkace. In kwali uku ne, lambar siriyal uku daban-daban za ka gani a kan sitikun. Ka ce a ajiye takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan yau a gefen kwalin, don kada a turo maka hoton kayan wani, sannan ka rubuta lambobin ka ajiye har ranar da za ka je tasha karɓar kaya.