Yadda mai hayar kujeru da rumfa zai tsara kuɗin shigarsa wata-wata

Mai hayar kujeru da rumfuna a Kano ya san yadda Sha'aban yake. Kowa na son a ɗaura aure kafin azumi, waya ba ta hutawa, kujera ko ɗaya ba ta kwana a sito ranar Asabar. Da an ga watan Ramadan kuwa sai kasuwa ta kwanta, sai ɗan abin da ake samu a wuraren tafsiri. Amma kuɗin sito da na mai gadi da cefanen gida ba su san da wannan ba. Ga yadda za ka tsara abin.

Da farko, ɗauko littafinka na bara ka raba cinikin bisa watannin Musulunci. A nan mutane da yawa ke kuskure. Bukukuwanmu kalandar Hijira suke bi, ita kuma a kalandar Bature tana dawowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara: azumin 2024 ya kama a 11 ga Maris, na 2025 a 1 ga Maris. Wanda ya ce "Maris ɗin bara na samu kaza" ya gina lissafinsa a kan abin da ba ya zama wuri ɗaya. Damina ce kawai za ka duba da watan Bature, don ruwan Kano a Agusta ya fi ƙarfi, lokacin da masu hali ke komawa ɗakunan taro, iska kuma na yaga rumfa.

Wajen rubutawa, sa kowane kuɗi a watan da aka yi bikin. Kafin alƙalamin da aka ba ka a Rajab na bikin Shawwal, kuɗin Shawwal ne, kuma amana ne a hannunka har ka kai kayan. Bashin da ba a biya ba kada ya shiga lissafi.

Sai ka kasa watannin gida uku. Mu ɗauki misalin wani mai sito a Gwammaja da ya yi cinikin naira miliyan 6 a shekara. Wata huɗu kasuwa ta yi zafi, wato Sha'aban, Shawwal, Zulhajji da watan Maulidi, kowanne dubu 800. Wata shida matsakaita, dubu 400. Wata biyu kasuwa ta yi sanyi, azumi da tsakiyar damina, dubu 200 kacal.

Mataki na gaba, cire kuɗin da ke tafiya tare da aiki: a-kori-kura, 'yan lodi, masu kafa rumfa, wanke kujeru. A ce suna cin kashi 30 cikin ɗari. Watan zafi ya bar masa dubu 560, matsakaici dubu 280, watan sanyi dubu 140. Idan ka tara na shekara miliyan 4 da dubu 200 ne, wato dubu 350 ke nan a kowane wata.

Wannan dubu 350 ita ce iyakar abin da zai taɓa a wata. Dubu 150 ta sito da mai gadi da yaran shago, dubu 50 ta sauya kujerun da suka karye da ɗinkin tamfol, dubu 150 albashinsa. Ni a ganina yanka wa kai albashi shi ne ƙashin bayan tsarin, domin mai zara daga aljihun sana'a duk sanda buƙata ta taso ba ya gane inda riba ta tsaya.

Yanzu duba da kyau. Watan zafi yana barin rarar dubu 210. Watan sanyi yana da giɓin dubu 210, wannan kowa ya sani. Abin da ke shammatar mutane shi ne matsakaicin wata: ana fita aiki, kuɗi na shigowa, amma akwai giɓin dubu 70. Daga bayan Maulidi zuwa Rajab wata huɗu ne a jere, dubu 280 ke nan, rarar Maulidi ita kaɗai ba za ta rufe ba sai da ragowar ta Sallah. Saboda haka rarar watannin zafi, dubu 840, duk tana da mai ita tun kafin ta shigo.

Buɗe mata asusu na daban wanda ba ka yawo da katinsa, ka tura ta duk ranar Litinin bayan an dawo da kaya an ƙirga. Ka fara tsarin a watan zafi, don asusun ya samu abin da zai ɗauki nauyin watan da ke biye.

Ƙarshen kowane wata ka gwada abin da ya shigo da abin da ka yi hasashe. In watan zafi biyu suka gaza a jere, rage albashinka nan take, kada ka jira asusu ya ƙare. In kuma ka ga kana mayar da masu biki saboda kaya sun ƙare, ƙarin kujeru ya kamata, amma da abin da ya haura hasashe za ka saya, kuma a watan sanyi, lokacin da kake da sukunin zagaya kasuwa ka taya.