Idan bot ɗinku na jinkirin ba da amsa

Jama'a masu haɗa manhajar hira da modal ɗin AI, kafin ku ce sabar ce ba ta da ƙarfi ku fara auna abu biyu daban: lokacin da kalmar farko ke fitowa, da lokacin da amsar ke kammaluwa.

Modal tokin-tokin yake rubutu, wato guntu-guntun kalmomi. A ce amsar tokin 300 ce, shi kuma yana fitar da 30 a sakan, kenan sakan 10 mutum na zaune yana kallon allo fayau har ya ɗauka abin ya maƙale. In kun sa `stream=True` a kiran API ɗin, rubutun zai riƙa zubowa tun daga tokin na farko, mutum na karantawa ana ci gaba da rubutawa, amma fa sakan 10 ɗin nan na nan, jiran ne kawai ya daina cin rai. In kun kunna kuma kuka ga amsar ta faɗo gaba ɗaya a ƙarshe, in kuna amfani da Nginx a gaban sabarku mai yiwuwa shi ne ke tara ta a hanya, ku sa masa wannan:

```
proxy_buffering off;
```

Wata hanyar rage lokacin da gaske ita ce ƙaramin modal, wanda in yana yin 90 a sakan amsar nan ba za ta kai sakan 4 ba. Ni dai shi nake ba gajerun ayyuka irin tantance saƙo ko taƙaitawa, lissafi mai matakai da yawa kuwa in bar wa babban, don nan ƙaramin ke yin shirme kuma da ƙarfin gwiwarsa. In JSON manhajarku ke jira ya cika kafin ta yi aiki da shi, sitirimin ba zai tsinana komai ba, ƙaramin modal da gajeriyar amsa ne mafita.