Kafin ku biya kuɗin Apple Watch na hannu, ku duba makullin

'Yan uwa masu saye da sayarwa a nan Yamai, ga abin da ya ci mini jika 45 a Babbar Kasuwa. Agogon tsaf, gilashi ba ko ƙwarzane, mai shi ya ce ya goge komai. Da na je haɗa shi da iPhone ɗina a gida, sai ga "Verrouillage d'activation", yana neman asusun Apple na tsohon mai shi. Shi ke nan, agogo ya zama abin ado.

Goge agogo daga cikinsa ba ya cire wannan makulli, don yana liƙe ne da asusun mutum a wajen Apple. Sai mai shi ya buɗe manhajar Watch a wayarsa, ya shiga "Toutes les montres", ya taɓa alamar i, ya danna "Déjumeler l'Apple Watch", sannan ya sa kalmar sirrinsa. In yana nesa, a ce Tawa, ya shiga iCloud.com/find ya goge agogon, ya kuma fitar da shi daga asusunsa. Gogewa kaɗai ba ta isa.

Ku je da iPhone, ku haɗa agogon a gaban mai sayarwa har ya kammala, kafin kuɗi su fita daga aljihu. Batir kuwa, in lafiyarsa ta gaza kashi 80, ku nemi ragi. Wanda ya ce muku "mai gyara zai buɗe shi", ku bar masa kayansa, wataƙila ma na sata ne.