Labarin sakan 40: inda ake yawan kuskure da yadda ake gyarawa

Duk wanda ya zauna a Madina ya san cewa ba a rasa ɗan labarin da za a aika wa 'yan uwa a gida, musamman a watan azumi da lokacin aikin Hajji, sa'ad da harabar Masallacin Annabi (SAW) take cika da baƙi. Matsalar ita ce abin da ya kamata a faɗa cikin sakan 40 sai ya zama saƙon murya na minti huɗu, wanda mai sauraro yake gajiya da shi tun kafin a kai ga abin da ya faru. Na ce sakan ne da gangan, domin a Larabcin da muke ji kullum a nan daƙiƙa tana nufin minti, alhali a Hausa an fi amfani da ita a kan sakan. A iya gwajin da na yi da agogon waya, mai magana a natse yakan faɗi kalmomin Hausa 90 zuwa 100 cikin wannan lokaci, kuma duk kurakuran da ke tafe sun samo asali ne daga rashin sanin ƙanƙantar wannan jari.

Wani matashi ɗan unguwarmu ya taɓa ba ni labarin abin da ya same shi a harabar masallacin, kuma da shi zan yi misali. Da farko ya soma ne daga fitowarsa daga wurin aiki, da cunkoson motoci, da abokin da ya tsaya gaisawa da shi, da sahun da ya samu. Minti guda ya wuce bai ambaci tsohuwar da labarin yake a kanta ba. Wannan shi ne kuskure na farko, wato ɗauko zance tun daga nesa. Dalilinsa kuwa shi ne mutum yana tuna abu bisa jerin yadda ya faru, saboda haka yana ganin kamar ya yi ha'inci idan ya tsallake wani sashe. Gyaran shi ne a fara daga wurin da abin ya soma bambanta da na kullum, a faɗi lokaci da wuri da mutum cikin jimla ɗaya, kada a wuce sakan 10. Gaisuwa da tambayar iyali suna da haƙƙinsu, amma a kammala su tukuna, sannan a buɗe labarin.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma, kuma a ganina shi ne yake kashe yawancin gajerun labarai. Mutum yakan jero abubuwa da "sai na je, sai na ga, sai muka dawo", kowace magana gaskiya ce, amma babu inda zance ya juya. Juyi shi ne wurin da abin da aka zata ya ƙi tabbata. Hanyar gano shi ita ce mai labari ya cike wa kansa wannan jimla kafin ya buɗe baki: na ɗauka kaza ne, ashe kaza ne. Idan ya kasa samun abin da zai biyo bayan "ashe", to rahoto ne a hannunsa, kuma gara ya faɗe shi a matsayin rahoto. Da na tambayi matashin, sai ya ce ya ɗauka tsohuwar ce ta ɓata, ashe ɗanta ne. Daga nan muka auna kowace jimla da wannan juyin, wadda take kai mai sauraro gare shi muka riƙe ta, wadda ba ta yi ba muka ajiye. Ga yadda labarin ya koma:

"Daren jiya bayan Isha'i, a harabar Masallacin Annabi, na ga wata tsohuwa zaune ita kaɗai a gindin ginshiƙi, jama'a na ta watsewa. Na ɗauka ta ɓata. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, 'Hajiya, nuna mini katin masaukinki in raka ki.' Ta dube ni ta ce, 'Ɗan nan, ni ban ɓata ba, ɗana ne ya ɓata. Tun da muka shigo na ce masa in mun rabu, nan zai same ni.' Sai na zauna gefe. Can sai ga wani dattijo mai furfura a guje, takalma a hannu. Ta miƙe ta kama hannunsa kamar na yaro, suka wuce."

Kalmomin ba su cika 100 ba. Jimlar da ta fi kowace gajarta, wato "na ɗauka ta ɓata", ita ce take ɗauke da nauyin labarin, domin ita take dasa zato a zuciyar mai sauraro, kuma idan ba a dasa zaton ba, amsar tsohuwar ba ta da abin da za ta rushe. Mutane da yawa sukan manta da ita saboda su sun riga sun san abin da suka zata. Wasu kuma sukan yi akasin haka, su tona juyin tun daga farko da cewa, "Bari in ba ka labarin matar da ɗanta ya ɓace mata." Wanda ya ji haka ba ya da sauran abin jira. Haka nan yana da kyau maganar da ta juya labarin ta fito daga bakin mai ita, a ɗan yi shiru na sakan ɗaya kafin ta, maimakon a ce "sai ta bayyana mini cewa".

Akwai kuma ƙarin gishiri. Da matashin ya sake maimaita labarin, sai na ji ya ce tsohuwar tana kuka, da na tambaye shi ya amsa cewa ba ta yi kuka ba. Bayan cewa ƙarya ce, ƙarin ya ɓata labarin kansa, domin mace mai kuka ba ta dace da mai wannan amsa ta natsuwa ba. Rage abin da ya faru halal ne ga mai labari, amma ƙara abin da bai faru ba ya fitar da shi daga gaskiya. Idan ba a tuna ainihin lafazin mutum ba, a ce "ta ce mini wani abu kamar haka", wannan ba ya cin lokaci. Abin da yake ba labari armashi shi ne abu ɗaya da ido ya gani, kamar furfurar ɗan da takalman da ke hannunsa, waɗanda suka nuna shekarunsa da firgitarsa ba tare da an yi bayani ba.

A ƙarshen labarin, matashin ya so ya ƙara da nasiha a kan darajar uwa, kuma niyyarsa mai kyau ce, sai dai mai sauraro ya riga ya kai can da kansa tun lokacin da ta kama hannun dattijon, maimaita masa kuwa rage ƙarfin abin yake yi. Wasu ba nasiha suke yi ba, sai dai su kasa tsayawa, su yi ta cewa "to, ka ji dai, haka abin ya faru" har murya ta dushe. Maganin duka biyun shi ne a zaɓi jimlar ƙarshe tun kafin a fara, ta zama aiki ne da wani ya yi, kuma a haddace ta. Bayan haka a ɗauki muryar a waya, a saurara ana duban agogo. Idan an kai sakan 25 ba a shiga juyin ba, farkon ne ya yi tsawo, kuma daga can za a rage, ba a gaggauta magana don a cike lokaci ba. Matashin ya ɗauka sau uku, a na ukun ya tsaya a kan "suka wuce", sannan ya aika wa mahaifiyarsa a Kano.