Yadda ake magance taurin bayan gida ba tare da ɗura ruwa ta dubura ba

Mutum ya kwana uku ko huɗu bai zaga ba, ciki ya yi nauyi, sai wani ya ba shi shawarar ya ɗura ruwa ta dubura don ya wanke hanji. Wasu da ruwan sabulu suke yi, wasu da jiƙon kanwa, citta ko barkono, wasu kuma bakin tiyon banɗaki suke kafawa su buɗe famfo. A Gana robar da ake wannan aiki da ita, wato bentuwa, sananniya ce a gidaje, har yara ake yi wa. Tsarki da buta daga waje ba shi da matsala. Shigar da ruwa ciki shi ne abin gudu, domin hanji ba ya buƙatar wanki, kuma ɓarnar da ɗurin kan yi ba ta bayyana nan take.

Abin da ke faruwa a ciki

Daga bakin dubura akwai 'yar gajeriyar hanya, kimanin santimita 3 zuwa 4, da ta nufi wajen cibiya, sannan hanjin ya lanƙwasa baya. Idan aka tura abu mai tauri da ƙarfi, a wannan lanƙwasar yake tokarar bangon hanji, ya yage shi ko ya huda. Matsalar ita ce fatar cikin wurin ba ta jin zafin yanka irin na fatar waje. Mutum zai iya huda hanjinsa bai sani ba, sai bayan wasu awoyi ciki ya ɗauki ciwo, ya ƙandare, zazzaɓi ya biyo baya, saboda kashi ya zubo cikin ciki. Wannan sai tiyata. Tiyo ya fi kowanne haɗari, don ƙarfin ruwan famfo kaɗai ya isa ya fasa hanji, kuma ba wanda ya san yawan ruwan da ya shiga.

Ruwa zalla ma ba lafiya ba ne idan ya yi yawa ko aka maimaita. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa, don haka abin da aka ɗura yana shiga jini ya tsinka gishirin da ke cikinsa. A jikin ƙaramin yaro ɗan ruwa kaɗan ya isa ya jawo amai, kasala, jijjiga, har suma. Sabulu mai ƙarfi, garin wanki, maganin wanke rauni, kanwa da barkono kuwa ƙona fatar hanji suke yi, daga baya a ga jini da majina a bayan gida. Ruwa mai zafi sosai shi ma yana ƙonawa. Robar da gida duka ke amfani da ita tana kwasar cuta daga wannan zuwa wancan.

Matakan da za a bi

Mu ɗauki magidanci ɗan shekara 60, mai hawan jini, da ya fara shan taramadol saboda ciwon baya, yau kwana huɗu bai yi bayan gida ba.

Mataki na farko, a tabbatar taurin bahaya ne kawai. Yana fitar da iska? Cikinsa da laushi? Idan yana amai, ciki ya kumbura, iska ba ta fita, ko ciwon ya tsananta, hanji ne ake zargin ya toshe. A nan ba a ɗura komai, ba a ba shi maganin wankin ciki, asibiti za a nufa. Haka ma idan akwai jini a bahaya, rama ba dalili, ko yanayin zagawarsa ya canza makonni a jere, musamman a irin shekarunsa. Kada a yi saurin cewa basir ne.

Na biyu, a nemo sanadi. A wannan misalin taramadol ne, domin shi da kodin suna rage motsin hanji. Ƙwayar ƙarin jini ma tana yi. Muddin yana shan maganin, taurin zai dawo ko sau nawa aka wanke, don haka ya koma wurin wanda ya rubuta masa a duba ko za a sauya.

Na uku, a tausasa bahayar ta baki. Maganin ruwa da ake kira laktulos, mililita 15 safe da yamma ga babba, yana jan ruwa zuwa cikin hanji, amma yakan ɗauki kwana biyu kafin ya yi aiki. Mutane da yawa a nan suke ƙosawa su koma ga ɗuri. Tunda taramadol ne ya kashe wa hanjinsa motsi, yana buƙatar mai zaburar da hanji kuma: bisakodil miligiram 5 zuwa 10 da dare, ya yi aiki da safe. Wannan na 'yan kwanaki ne, sai dai in likita ya ce a ci gaba.

Na huɗu, idan bahayar ta zo bakin dubura ta tsaya, a yi amfani da ƙwayar gilisarin ta cusawa. A wanke hannu, a jiƙa ƙwayar da ruwa, ya kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwa, a tura ta da yatsa a hankali. Cikin minti 15 zuwa 30 yawanci za ta motsa shi.

Sauran aikin na kullum ne: ruwa isasshe har fitsari ya yi haske, wake, kuɓewa, kuka, zogale, gwanda, da tuwon da ba a cire dusarsa duka ba. Ya zauna a masai bayan karin kumallo, lokacin da hanji ya fi motsi da kansa, minti 5 zuwa 10 ba yunƙuri. Tsuguno ya fi sauƙaƙa fita. Mai masan zama ya sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo.

Idan ma'aikacin lafiya ya ce a ɗura

Akwai lokacin da ɗuri ke da amfani, kamar bahayar da ta dunƙule ta ƙi fita ko kafin wasu gwaje-gwaje. A lokacin, a sayi na kemis wanda aka auna, mai laushin baki. A ɗumama shi a tafin hannu, a kwanta ta hagu, a shafa wa bakin mai, a nufi wajen cibiya a hankali. Da an ji tokari ko zafi, a tsaya. Irin mai ɗauke da sinadarin fosfet ba a wuce ɗaya cikin awa 24, ko da bai yi aiki ba, domin wanda ya zauna a ciki yana shiga jini ya taɓa ƙoda da bugun zuciya. Ba a yi wa yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a yi wa mai ciwon ƙoda ko zuciya ko wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Magidancin misalinmu, da shekarunsa da magungunan hawan jini, bai kamata ya yi shi da kansa ba.

Jarirai fa, don Allah a ƙyale su. Jaririn da ke shan nono zalla, bayan makonnin farko, zai iya kwanaki bai yi kashi ba kuma lafiyarsa ƙalau, in dai yana sha, cikinsa da laushi, kashin ma in ya zo da laushi. Wanda bai yi baƙin kashin farko ba cikin awa 48 da haihuwa, ko cikinsa ya kumbura yana koren amai, likita zai gani a ranar.

Idan an riga an ɗura

A sa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Ciwon ciki mai ƙaruwa, jini, zazzaɓi, jiri, ko yaro ya yi laushi yana ta barci, duk na gaggawa ne. Kada a ba shi abinci ko wani jiƙo a hanya. A gaya wa likita ainihin abin da aka ɗura, yawansa, da abin da aka tura da shi, da lokacin. Kunya kan sa a ɓoye wannan bayani, alhali shi ne zai sa likita ya nemi hujin hanji tun kafin ya ruɓa ciki.