Yadda ake karanta teburin gasar ƙwallo idan maki ya zo ɗaya

A majalisun Aboabo da Asawase a Kumasi, gardama kan teburin gasa ba ta cika tashi ba sai maki ya zo ɗaya. Nan za ka ji wani na cewa ai mun fi su ƙwallaye, wani na cewa ai mun doke ku. Kowa na iya yin gaskiya, domin dokar gasar ce ke raba gardamar, kuma ba kowace gasa ke bin doka ɗaya ba.

Fara da haruffan saman teburi. P yawan wasannin da aka buga ne, W nasara, D kunnen doki, L rashin nasara. GF ƙwallayen da ƙungiya ta ci, GA waɗanda aka zura mata, GD bambancin da ke tsakaninsu, Pts kuma maki. Nasara maki 3 ce, kunnen doki 1, wanda aka doke ba shi da komai.

```
Pts = (W x 3) + D
GD = GF - GA
```

Ƙungiyar da ta ci wasa 5, ta yi kunnen doki 3, aka doke ta sau 2, tana da maki 18 a wasa 10. Idan ka lissafa ka ga makin teburi bai kai naka ba, to an zaftare mata maki ne saboda wani laifi, kamar yadda aka rage wa Everton maki 8 a kakar 2023/24.

Kafin ka yi murnar Kotoko na gaban Hearts, duba P tukuna. Mai maki 30 a wasa 15 bai tsere wa mai maki 28 a wasa 14 ba, don na biyun yana da kwantan wasa ɗaya, in ya ci ya koma 31.

Idan maki ya zo ɗaya, gasa da yawa bambancin ƙwallaye suke fara dubawa. Abin da ya faru da Black Stars ke nan a Kofin Duniya na 2010. Ghana ta ci Serbia 1-0, ta yi 1-1 da Australia, Jamus ta doke ta 1-0. Maki 4 ke nan, ta ci 2, an ci ta 2, bambanci 0. Australia ma maki 4 ta samu, don bayan kunnen dokin ta ci Serbia 2-1. Sai dai Jamus ta riga ta zura mata 4-0 a wasan farko, saboda haka ta ci 3, an ci ta 6, bambancinta -3. Ghana ta wuce, Australia ta koma gida, duk da ta fi Ghana cin ƙwallaye. Yawan ƙwallayen da aka ci ba ya shiga lissafi sai bambancin ma ya zo ɗaya. Shi ya sa koci mai hankali, ko ya ga wasa ya kuɓuce masa, ba ya barin a yi ta ɗura masa.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ɗaukar wannan doka su kai ta ko'ina. A Ingila haka ake yi: a kakar 2011/12 Manchester City da Manchester United sun gama da maki 89 kowacce, City ta ɗauki kofi da +64, United na da +56. A Sifaniya kuwa sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu ake fara dubawa. A kakar 2006/07 Real Madrid da Barcelona sun gama da maki 76. Barcelona ta fi rarar ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma Madrid ta doke ta 2-0 a gida, suka yi 3-3 a Camp Nou, kofi ya tafi Madrid. Da dokar Ingila aka bi, da Barcelona ce zakara. Don haka nemi dokar gasar ta wannan kakar kafin ka buɗe baki, musamman da yake masu shirya gasa kan sauya ta.

Idan ƙungiyoyi uku ne suka yi maki ɗaya a gasar da ke bin dokar haɗuwa, ƙaramin teburi ake yi musu. A ware wasannin da suka buga a tsakaninsu kaɗai, a sake lissafa maki da ƙwallaye daga nan. Cin 5-0 da aka yi wa ta ƙarshen teburi ba ya shiga ciki.

Wani lokaci duk waɗannan sukan ƙare ba a rabu ba. A Kofin Duniya na 2018 Senegal da Japan sun yi maki 4, bambanci 0, ƙwallaye 4 kowacce, kuma 2-2 suka tashi a tsakaninsu. Sai aka koma ga ƙirga kati. Senegal na da katin gargaɗi 6, Japan 4, Japan ta wuce.