Yadda Ake Sauƙaƙa Kalmomin Shari'a a Sakin Layin Yarjejeniyar Haya

A ɗauki misalin manomin rani da ya karɓi hayar injin ban ruwa na wata 3, aka miƙa masa takarda mai ɗauke da wannan sakin layi: "Musta'ajiri ba zai yi lamunin talafin ainin da aka yi ijararsa ba, sai in an samu ta'addi ko tafriɗi daga gare shi, kuma mu'ajjiri yana da haƙƙin faskhin aƙadi idan aka saɓa wa sharuɗɗan da suka gabata." Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ga maganar daidai take, amma manomin zai sa hannu ne bai san lokacin da biyan kuɗin injin zai hau kansa ba.

Abu na farko shi ne a karanta yarjejeniyar dukanta kafin a taɓa kalma ko ɗaya, domin wani lokaci an riga an bayyana ma'anar kalma a wani sashe, kuma wannan ma'anar ce za a bi. Sannan a ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba a ji a kasuwa ko a gona.

Wasu kalmomin musanyarsu kai tsaye ce. Musta'ajiri shi ne mai haya, mu'ajjiri mai injin, aƙadi yarjejeniya, talafi kuwa lalacewa ko ɓacewa. "Ainin da aka yi ijararsa" injin ne kawai, don haka a kira shi da sunansa. Da zarar an zaɓi "mai haya", a riƙe shi har ƙarshen takarda, domin in aka ce "manomi" a nan, "mai karɓa" a can, mai karatu zai iya zaton mutane daban-daban ake nufi.

Inda aikin ya fi buƙatar natsuwa shi ne kalmar da ta yi kama da sananniya. Yawancin mutane in sun ji "lamuni" rance ko tsaya wa wani ne ke zo musu, alhali a nan ana nufin ɗaukar nauyin asara. Saboda haka a rubuta "biyan kuɗin gyara ko kuɗin injin". Haka nan kuskure ne a haɗe ta'addi da tafriɗi a kira su "ganganci" don a taƙaita, domin abubuwa biyu ne. Ta'addi shi ne aikata abin da ba a ba da izininsa ba, kamar mai haya ya ba wa wani aron injin alhali an hana. Tafriɗi kuwa barin kulawar da ta wajaba ne, kamar ya tayar da injin babu baƙin mai, ko ya bar shi ya kwana a bakin rafi ba mai gadi. Duk wanda ya zubar da ɗaya daga cikinsu ya rage wa mai injin haƙƙinsa, ko da bai nufa ba. A ganina, idan kalma ɗaya ba ta ɗauke ma'anar ba, gara a yi amfani da jimla guda cikakkiya, ko da takardar za ta ƙara tsawo.

Faskhi shi ne warware yarjejeniya. Kada a rubuta "yarjejeniyar ta zama babu", domin mai haya zai ɗauka kuɗin kwanakin da ya yi amfani da injin ma ya faɗi. "Sharuɗɗan da suka gabata" kuma a faɗi lambarsu, a ce suna sashe na 2.

Ga yadda sakin layin zai koma: "Idan injin ya lalace ko ya ɓace a hannun mai haya, ba zai biya ba. Amma zai biya kuɗin gyara ko kuɗin injin idan ya yi amfani da shi ta hanyar da ba a ba shi izini ba, ko ya yi sakaci wajen kula da shi. Idan mai haya ya saɓa wa sharuɗɗan da ke sashe na 2, mai injin yana da damar warware yarjejeniyar."

A lura ba a ƙara komai ba. Mai gyaran rubutun yakan so ya saka "bayan sanarwar kwana 7" don adalci, amma wannan sabon sharaɗi ne, sai ɓangarorin biyu sun amince da shi.

Daga nan a gwada. A karanta wa wanda bai ga tsohon rubutun ba, a tambaye shi: idan injin ya tsaya saboda tsufa, wa zai biya? Idan an sace shi a gona da dare ba mai gadi fa? Sai a yi wa malami ko lauya tambayoyin a kan tsohon rubutun. Idan amsoshin suka bambanta, ma'ana ta goce, a koma kan kalmar da ta jawo hakan. In kuwa an riga an sa hannu a tsohuwar takarda, sabuwar ba za ta maye gurbinta ba sai mai injin da mai haya sun sake sa hannu, an kuma rubuta cewa da ita za a yi aiki.